Hoton Bangon Bidiyo: Yadda Ake Faɗa wa Na'ura Ta Bar Wurin Rubutu

A watan Satumba na 2023, Jimmy Donaldson, Ba'amurken nan da duniya ta fi sani da MrBeast, ya sanar da wani ɗan gyara da ya yi wa bidiyoyinsa na YouTube. Bai taɓa ko daƙiƙa ɗaya daga cikinsu ba. Bakinsa kawai ya rufe a hotunan da ke gaban bidiyoyin. Shekara da shekaru an saba ganinsa baki a wangale, ido a waje. Da ya gwada tsofaffin hotunan da sababbi, sai ya ce a duk bidiyon da aka yi gwajin, mutane sun fi daɗewa suna kallo idan bakin a rufe yake. Daga nan dubban masu tashoshi suka koma suna duban nasu hotunan da sabon ido.

Wannan ɗan hoto, wanda a shafin YouTube Studio aka rubuta masa Thumbnail, shi ne bangon bidiyo, kuma shi mai kallo yake fara cin karo da shi kafin ya ji muryar kowa. Kamfanin Netflix ya bayyana a 2016 cewa a binciken da ya yi, mai neman abin kallo yana ɓata daƙiƙa 1.8 ne kacal a kan kowane fim kafin ya wuce, kuma hoton ne yake cinye mafi yawan hankalinsa a wannan ɗan lokaci. Abin da aka kwana uku ana ɗauka, aka kwana biyu ana tacewa, ana yanke masa hukunci kafin a ƙifta ido sau biyu.

Tun daga 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion suka shigo hannun jama'a, mai tasha ba ya bukatar ɗakin ɗaukar hoto kafin ya samu bango mai kyau. Zai rubuta abin da yake so ne, na'ura ta zana. Sai dai a nan ne mafi yawan mutane suke yin tuntuɓe. Sukan rubuta wa na'urar abin da za a gani a hoton, su manta da faɗa mata inda kowane abu zai zauna. Ita kuwa idan aka bar ta da zaɓinta, fuska a tsakiya take dasawa, ta cika kowane lungu da tarkace, ta bar mai tasha yana neman inda zai liƙa kalmomi uku.

A ɗauka wani mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre ta Kano. Ya ɗauki bidiyo na minti takwas yana nuna yadda cajar jabu take lalata waya, da yadda ake gane ta tun kafin a biya kuɗi. Taken da yake so a kan hoton gajere ne: TA ƘONA WAYATA. Ya buɗe manhaja, ya rubuta abin da kusan kowa yake fara rubutawa, da Turanci, domin har yanzu shi ne harshen da waɗannan manhajoji suka fi fahimta:

```
YouTube thumbnail, shocked man, phone charger,
high contrast, space for text
```

Abin da zai dawo masa ba wuyar hasashe. Mutum a tsakiyar hoto, mai yiwuwa Bature, baki a buɗe. Launuka sun yi ja-ja-wur da shuɗi mai kashe ido, ga walƙiya ga tartsatsi. A sama ko a gefe kuma wasu haruffa ne birkitattu da ba su zama kalma a kowane harshe ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalili. Na'urar ta koyi zane ne daga ɗimbin hotuna da bayanan da aka rubuta a ƙarƙashinsu. Hotunan da aka yi wa laƙabi da bangon YouTube kusan duk cike suke da rubutu, da kibiyoyi, da jan da'ira, don haka ambaton sunan kaɗai ya isa ya janyo waɗannan kayan. Kalmar rubutu da ya saka a ƙarshe ma ta ƙara taimakawa wajen jawo rubutun da ba ya so. Bai ce komai a kan launin fata ko sutura ba, sai na'urar ta koma ga irin mutumin da ta fi gani.

Gyaran yana farawa ne daga awo, kafin a rubuta ko kalma ɗaya. Girman da YouTube ya daɗe yana ba da shawara a baya shi ne fiksel 1280 a faɗi da 720 a tsaye, wato tsarin 16:9. Idan aka raba faɗin gida uku, layukan za su faɗo a wajen 427 da 853. Rubutun boko daga hagu ake fara karanta shi, saboda haka mai gyaran wayar zai fi samun sauƙi idan ya ba rubutu hagu, ya tura fuska zuwa kashi na uku na dama. Akwai wani dalilin kuma: a kusurwar ƙasa ta dama YouTube yake liƙa ɗan baƙin akwatin da ke nuna tsawon bidiyo. Duk harafin da ya sauka a wannan kusurwa an rufe shi. Kafaɗa ko gefen riga ne ya kamata su zauna a wurin, ba rubutu ba, ba kuma cajar da ake son a gani ba.

Da wannan taswira a kansa, ga yadda umarninsa na biyu zai iya kasancewa, a tsarin Midjourney:

```
Close-up photo of a northern Nigerian man in his thirties,
dark brown skin, grey kaftan, embroidered cap, on the right
third of the frame, looking left. Brows drawn together, lips
closed, holding a burnt phone charger beside his cheek. Warm
light on his face, thin bright rim light behind him. The left
half is a plain dark navy wall, smooth, out of focus.
--ar 16:9 --no text, logo
```

A Hausance, ya ce a ɗauko kusa, mutumin arewacin Nijeriya ɗan shekara talatin da wani abu, baƙi, da kaftani ruwan toka da hula mai aiki, yana kashi na uku na dama yana duban hagu. Girarsa a haɗe, leɓɓansa a rufe, yana riƙe da ƙonanniyar caja kusa da kuncinsa. Haske mai ɗumi a fuskarsa, siririn haske kuma daga bayansa. Rabin hagu katanga ce shuɗiya mai duhu, sumul, a dusashe. Layin ƙarshe yana tsayar da tsarin 16:9, yana kuma hana rubutu da tambari. Babu ambaton YouTube ko kaɗan, babu kalmar firgita, babu roƙon a bar fili. Duk da haka abubuwan nan uku suna ciki.

Batun filin rubutu shi ne ya fi wahalar da mutane, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Na'urar zane ba ta iya zana "babu komai" ba. Aikinta shi ne ta cika kowane fiksel da wani abu, don haka idan aka ce ta bar wuri fayau ba a faɗa mata abin da zai zauna a wurin ba, ita za ta zaɓa: kanta mai jere da wayoyi, taga, fitila, wani mutum a nesa. Dabarar ita ce a ba filin suna, a mayar da shi abu. Katanga mai launi ɗaya, sararin sama marar gajimare, labule mai duhu, allo da ba a rubuta komai a kai ba. Sai a faɗi girmansa da wurinsa, rabin hagu ko kashi biyu cikin uku na sama. Sannan a faɗi yanayin fatarsa, sumul kuma a dusashe, domin katangar bulo ma katanga ce, amma layukanta za su yi ta faɗa da haruffa har rubutun ya gagara karantuwa.

Haka kuma kalmar "kada" ba ta da ƙarfi a cikin jimlar umarni. Shafin koyarwa na Midjourney da kansa yana gargaɗin a bayyana abin da ake so maimakon abin da ba a so, saboda ambaton abu, ko da da niyyar hana shi ne, yana iya kawo shi. Shi ya sa aka ware wa hani wurinsa na musamman. A Midjourney shi ne `--no`, a Stable Diffusion kuma akwai akwati daban mai suna negative prompt. Manhajojin da ake yi wa bayani cikin cikakkun jimloli sun fi fahimtar hani, amma ko su ma sun fi biyayya idan an ce "katanga sumul" a kan a ce "kada a sa komai a katanga".

Ko an yi duk wannan, wani lokaci mutumin yakan zamo ya dawo tsakiya, ko gwiwar hannunsa ta shiga filin rubutu. Ba lallai a sake rubuta umarni daga farko ba. Yawancin manhajojin suna da hanyar faɗaɗa hoto zuwa gefe ɗaya, kamar Pan a Midjourney ko Generative Expand a Photoshop. Sai a ƙara katangar ta ɓangaren hagu, sannan a yanke dama har fuskar ta koma inda ake so. Wani tarkon kuma na girma ne. Wasu manhajojin ba sa fitar da 16:9, sai 1536 da 1024. Kafin wannan ya zama 16:9 dole tsayinsa ya koma 864, wato a datse fiksel 160. Idan hular mutumin tana taɓa saman hoto, da ita za a biya wannan kuɗi. Maganin shi ne a nemi a bar ɗan sarari a saman kai tun a cikin umarnin.

Sai fuska. Ba banza ba masu tashoshi suka nace mata. A 1997 masaniyar ƙwaƙwalwa Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka bayyana wani sashe na ƙwaƙwalwar ɗan'adam da yake farkawa sosai idan ido ya ga fuska, fiye da idan ya ga gida ko wani kaya. Rahoton Netflix na 2016 shi ma ya ce fuskokin da ke ɗauke da yanayi mai zurfi sun fi waɗanda ba su nuna komai ba jan masu kallo, kuma da zarar mutanen da ke hoto sun wuce uku, sai tasirinsa ya ragu. A ƙaramin allon waya ma fuska ɗaya ta wadatar, kuma gara ta cinye akalla rabin tsayin hoton, yadda za a ga ƙwayar ido.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kiran yanayi da sunansa. Duk wanda ya rubuta "ya firgita" ko "ya yi mamaki", na'ura za ta ba shi mafi ƙurewar wannan yanayi, domin irin hotunan da aka fi yi wa wannan laƙabi ke nan: baki a buɗe, ido kamar zai faɗo. Wanda ya san aikin sassan fuska yake lissafawa. Gira a haɗe ko a ɗage, ɗaya ko duka biyu. Leɓɓa a rufe, a cije, ko a ɗan buɗe. Ido a kan caja, a kan mai kallo, ko a gefe. Mai gyaran waya da yake gargaɗin jama'a a kan kayan jabu ba firgita ce ta dace da shi ba. Takaici ne da sanin ya kamata, irin fuskar da yakan yi idan aka miƙo masa wayar da ya san tun farko abin da ya kashe ta. Gira a haɗe da baki a rufe su suke ba da wannan. Ga mai kallo Bahaushe ma, magidanci da hula a kai ya wangale baki a bainar jama'a abu ne da ke rage masa kwarjini, kuma kwarjinin nan shi ne jarin mai ba da shawara.

Inda idon yake kallo yana da nasa aikin. An daɗe da sanin cewa mutum yakan bi inda wani yake kallo da nasa idon ba tare da ya yi niyya ba. Idan fuskar da ke dama tana duban hagu, mai kallo zai sauka a kan fuskar, ta miƙa shi ga rubutun. Idan tana duban dama, ta fitar da shi daga hoton zuwa bidiyon maƙwabci. Kallon kai tsaye cikin idon mai kallo shi ma yana aiki, musamman idan rubutun tambaya ce. Abin gudu shi ne a bar na'ura ta zaɓa.

Akwai matsalar da ta fi shafar baƙar fata, wadda darussan da ake yaɗawa a kan wannan sana'a ba kasafai suke taɓo ta ba. Shawarar da aka saba ji ita ce a sa baya mai duhu don fuska ta fito. Wannan yana yi wa mai hasken fata aiki kai tsaye. Baƙin mutum a gaban katanga mai duhu kuwa, idan ba a yi hattara ba, gefen fuskarsa da wuyansa narkewa za su yi su shige cikin katangar, a bar farin ido da haƙora kawai. Wasu sukan gyara ta hanyar ƙara wa hoton haske gaba ɗaya har fatar ta koma toka-toka, abin da ba kyan gani kuma ba gaskiya. Masu ɗaukar hoto suna da tsohuwar dabara: fitila a bayan mutum, a ɗan gefe, wadda take zana siririn layin haske a kan hula, kunne da kafaɗa. Wannan layi shi ne yake yanko mutumin daga duhun da ke bayansa ba tare da an taɓa launin fatarsa ba. Shi aka nema da kalmomin rim light a umarnin na sama. Hasken gaba mai ɗumi kuma yana fito da ja-jan da ke cikin baƙar fata, ya sa ta yi rai a gaban shuɗi.

Kaftani ruwan toka ma da gangan aka zaɓa. Ido yakan fara zuwa wurin da ya fi haske a hoto. Farar shadda mai ɗaukar ido za ta zama ita ce mafi haske, ta ƙwace kallon daga fuska da rubutu. Launin fata kuwa dole a faɗe shi a fili, a kuma duba abin da ya fito. A 2023 kafar Bloomberg ta sa Stable Diffusion ta zana hotuna sama da 5,000 na masu sana'o'i daban-daban, ta gano cewa a sana'o'in da ake biya da tsoka, masu hasken fata ne suka fi fitowa. Sutura ita ma sai an sa ido. Ana iya neman hular arewa a samu ta wani yanki, ko kaftani ya koma jallabiya. Ɗan Kano zai gane wannan nan take, ya san ba ɗan gida ne a hoton ba. A duba yatsun da ke riƙe da caja kuma a ƙirga su, domin ko da yake manhajojin yanzu sun fi na da iya hannu, riƙon ƙaramin abu har yau yana ba su wuya.

Bambancin haske da duhu ba yawan launi ba ne, kuma a nan ne kalmomin high contrast su kaɗai suke yaudarar mutum, domin na'ura takan fassara su da ƙara wa kowane launi kauri. Abin da ido yake rarrabewa daga nesa shi ne tazarar da ke tsakanin mai haske da mai duhu. Akwai ma'aunin da masu tsara shafukan intanet suke aiki da shi a ƙa'idojin WCAG, wanda ya tashi daga 1 zuwa 21. Baƙi a kan fari shi ne 21, mafi ƙurewa. Ƙa'idar tana neman akalla 4.5 ga ƙananan haruffa, 3 ga manya. Ruwan ɗorawa tsantsa a kan baƙi ya haura 19. Ja tsantsa a kan shuɗi tsantsa kuwa bai fi 2 da ɗan ɗoriya ba, duk da cewa dukansu launuka ne masu ƙarfi. Ruwan ɗorawa a kan fari da ƙyar ya wuce 1, kusan ba ya ganuwa. Don haka rubutun mai gyaran waya, fari ko ruwan ɗorawa a kan shuɗi mai duhu sosai, yana can sama a ma'aunin. Gwajin mai sauƙi ne: a mayar da hoton baƙi da fari a waya. Idan fuska, caja da rubutu sun ci gaba da fitowa daban-daban, an dace. Idan sun haɗe sun zama toka ɗaya, launi ne kawai yake riƙe da su.

Wannan ya fi muhimmanci ga wanda masu kallonsa suke Kano, Maraɗi ko Damagaram. Da yawansu a waje suke duba waya, cikin rana mai ƙarfi, wasu kuma sun rage hasken allo don caji ya kai su dare. A irin wannan yanayi duk wani bambanci mai laushi ɓacewa yake yi. Kafin a ɗora hoto, yana da kyau a fita da shi rana, a rage hasken wayar, a duba.

Rubutun kansa da hannu ya kamata a sa shi, a Canva ko PixelLab ko kowace manhajar da aka saba da ita. Gaskiya ne manhajojin zane sun samu ci gaba wajen rubuta Turanci, har Ideogram ta yi suna a kan haka tun 2023. Amma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, ba su da yawa a hotunan da na'urorin suka koya daga gare su. Mai neman ƘONA yana iya samun KONA, ko wani harafi da ba a taɓa gani ba. Rubutun da na'ura ta zana kuma ya riga ya manne da hoton, ba a iya matsar da shi ko canza kalma ɗaya. Ko da hannu ake sawa, sai an duba salon haruffan, domin da yawa daga masu kauri da ake yayi ba su da Ƙ. Alamar ita ce harafin ya fito siriri daban da 'yan uwansa, ko ya zama akwati. Noto Sans da Andika suna ɗauke da haruffan Hausa duka, kuma suna da masu kauri.

Girman haruffa lissafi ne. A rage hoton zuwa kashi ɗaya cikin takwas, ya koma 160 da 90, kusan girman da yake fitowa a jerin bidiyoyin gefe. Harafin da tsayinsa ya kai fiksel 120 zai koma 15, ana karanta shi. Mai fiksel 40 zai koma 5, ya zama ɗigo. Rabin hagu na hoton faɗinsa 640 ne, kuma idan aka cire gefe ya rage kimanin 560. A wannan fili, kalma mai haruffa shida irin WAYATA ita ce iyakar abin da zai shiga layi ɗaya da irin wannan girma. Ke nan TA ƘONA a sama, WAYATA a ƙasa, an gama. Idan taken yana bukatar kalmomi bakwai, taken za a rage, ba haruffan ba. Ba kuma sai ya maimaita sunan bidiyon da ke rubuce a ƙarƙashin hoton ba. Sunan yana iya cewa yadda ake gane cajar jabu, hoton kuma ya nuna ɓarnar da take yi.

Tambayar da ta rage ita ce fuskar wa. A ganin mai wannan rubutu, idan mai gyaran wayar ne yake magana a bidiyon, fuskarsa ce ta cancanci bangon, ba ta wani da na'ura ta ƙirƙira ba. Wanda ya danna saboda fuska ɗaya ya tarar da wata daban ya fara kallo da shakka, kuma mai tasha ya yi asarar damar da za ta sa a riƙa gane shi a cikin jeri. Hanyar da ta fi ita ce ya tsaya kusa da ƙofar shago inda haske yake shigowa ta gefe, a ɗauke shi da waya yana yin fuskar nan, a cire bayan hoton, sannan a nemi na'ura ta zana bayan kawai:

```
Plain dark navy wall, smooth, out of focus, faint orange
glow at the right edge --ar 16:9 --no people, text
```

Ɗan jan hasken da ke gefen dama zai zauna a bayan kansa, ya yi kusan aikin fitilar baya. Hoton da aka zana a matsayin jagora ma bai tafi a banza ba, domin shi zai nuna masa yadda zai tsaya da inda zai riƙe caja. Fuskar wani sananne kuwa, ɗan fim ko malami ko ɗan siyasa, ba a sa ta a bangon bidiyon da ba ya ciki. Dokokin YouTube sun hana hoton bango mai yaudara, kuma a watan Disamba na 2024 kamfanin ya sanar da tsaurara mataki a kan taken da hoton da suke alkawarin abin da babu shi a bidiyo, inda ya fara da Indiya. Idan hoton ya nuna ƙonanniyar caja, to a ga ƙonanniyar caja a ciki.

Bayan an ɗora, alƙaluma ne suke magana. YouTube Studio yana nuna kashi nawa cikin ɗari na waɗanda aka nuna wa hoton suka danna, kuma YouTube ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna faɗowa ne tsakanin kashi 2 da kashi 10. Wannan adadi shi kaɗai ba ya wadatarwa. Idan dannawa ta yi yawa amma mutane suna ficewa a cikin daƙiƙu talatin na farko, hoton ya yi alkawarin da bidiyon bai cika ba. Idan dannawa ta yi kaɗan amma waɗanda suka shiga suna zama har ƙarshe, bidiyon lafiyarsa ƙalau, bangon ne yake bukatar aiki.

A 2024 YouTube ya buɗe wa masu tashoshi Test & Compare, inda ake ɗora hotuna har uku a raba su ga masu kallo, kuma wanda ya tara lokacin kallo mafi yawa shi ne ya ci, ba wanda aka fi dannawa ba. Gwajin yana iya ɗaukar kwanaki har zuwa mako biyu, kuma ƙaramar tasha tana iya ƙarewa ba tare da an samu wanda ya yi fice ba, saboda ƙarancin masu kallo. Don gwajin ya koyar da wani abu, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Mai gyaran wayar zai bar katanga, rubutu da caja yadda suke, ya sauya jimlar fuska kaɗai: a hoto na farko yana duban rubutu, a na biyu yana duban mai kallo, a na uku ya ɗage gira ɗaya. A bidiyo na gaba sai ya riƙe fuskar da ta ci, ya gwada launin katanga.